Naira 350,000 a kan kowa: yadda wani gida a Kano ya tara kuɗin auren autarsa

Gidan yana Gwammaja ne a cikin Kano. Ba zan kama sunan kowa ba, zan kira kowa da abin da 'yan gidan ke kiransa. Maigidan ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, kuma duk an aurar da matan cikinsu sai Auta, 'yar ɗakin Hajiya. A ɗakinsu akwai Yaya Babba, malamin makarantar sakandare. Sai Anti, wadda ke sayar da atamfa da leshi a gidan mijinta. Sai na Kwari, wanda har yanzu yaron shago ne a Kantin Kwari duk da yana ɗan juya nasa a gefe. Sai wanda Auta ke bi, yana hidimar ƙasa a lokacin. A ɗaya ɗakin kuma mutum biyu ne: Yayan Abuja, ma'aikaci mai ɗan abin hannu, da ƙanwarsa da ke aure a Kaduna.

An sa ranar auren Auta wata biyar, zai kama ƙarshen shekarar 2024. Duk wanda ya yi hidimar biki a wannan tsakanin ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, kafinta zai faɗa maka kuɗin gado yau, ka koma bayan sati uku ya ce katako da soso sun tashi. Kuma a al'adarmu ta nan, ango ne da sadaki da lefe da muhalli, amma cika ɗakin da gara na iyayen amarya ne. Uba ba ya raye, don haka nauyin ya faɗo kan Yaya Babba, mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata.

Ya zauna da Anti suka yi lissafi. Kayan ɗaki, wato gado da katifa da durowa da madubi da kujeru, naira 1,350,000. Kayan kicin 450,000, firij 320,000, labule da kafet da zannuwan gado 230,000. Gara 400,000, abincin yini da rumfa da kujerun haya 500,000, gyaran jiki da lalle da ɗinki 150,000. Sai dina a ɗakin taro da ƙawayen amarya suka matsa a yi, 800,000. Jimilla naira 4,200,000. Ya ƙirga manyan gida da yake ganin abin ya shafa, 'yan'uwan amarya shida, baffanni biyu, Gwaggo, kawunnai biyu da Inna ƙanwar Hajiya, mutum 12 ke nan. Ya raba, ta faɗo 350,000 a kan kowa. Ya buɗe guruf a WhatsApp, ya zuba su duka a ciki, ya rubuta:

"Assalamu alaikum. Kamar yadda kowa ya sani an sa ranar Auta. Mun yi lissafi, kowa zai kawo 350,000 kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ga lambar asusu. Duk wanda ya tura ya sa shaida a nan. Allah ya bar zumunci."

Mutum biyu suka ce amin. Gwaggo, da yake ba ta karatun boko, jikarta ce ta karanta mata, ta ce a cire ta daga ciki. Yayan Abuja ya karanta bai ce uffan ba. Aka shafe kusan sati uku babu alat ko ɗaya.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da Yaya Babba: ba rashin kunya ya yi niyya ba. A ganinsa raba daidai shi ne adalci, don kada wani ya ce an fifita wani, kuma rubutawa a fili shi ne riƙon amana. Amma saƙon ya ɓata abubuwa da yawa a layi biyar. Adadin kansa bai dace da kowa ba. Ɗan hidimar ƙasa alawus ɗinsa a lokacin 33,000 ne, ko ya haɗa na wata goma bai taɓa ko sisi ba, ba za su kai ba. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, wannan albashin wata biyar ne cif. Shi kuwa Yayan Abuja, wanda zai iya ba da fiye da haka, an yanka masa ƙasa da ƙarfinsa. Raba daidai ya danne na ƙasa, ya kuma rage abin da za a samu daga na sama.

Amma ba kuɗin ne ya fi yi wa manya zafi ba. Abin da Baffa Babba ya faɗa daga baya shi ne, "Yaron da aka haifa a gabana shi ne zai yanka min haraji, har da wa'adi, har in kawo rasit a gaban 'ya'yana?" A gidan Bahaushe ƙarami ba ya yanka wa babba. Yana kai masa labari, ya nemi shawara, babban ya faɗi abin da zai yi da bakinsa. Ga kuma wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba: saƙon ya haɗa mutanen da nauyinsu ba iri ɗaya ba ne. 'Yan'uwan amarya su ne suka tsaya a matsayin uba, abin da za su yi kusan wajibi ne a idon jama'a. Baffa da Kawu da Gwaggo kuwa gudunmawa suke bayarwa, ita kuma gudunmawa da zarar an sa mata adadi ta tashi daga sunanta. Mutum zai iya ba da 100,000 a matsayin kyauta yana murna, a ce masa ya biya 50,000 a matsayin kaso ya ji an ci masa fuska.

Shirun Yayan Abuja dalilinsa daban ne. Ranar da dangin ango suka kawo kuɗin sa rana da alewa da goro, ba wanda ya kira shi, kuma ba a aika wa mahaifiyarsa nata kason alewar ba, tana can Kurna inda ta koma bayan takaba. A wurin makwabta ta ji labarin. Abin da ya gaya wa ƙanwarsa ta Kaduna shi ne, ba a san shi ɗan gidan ba ne sai da aka zo lissafi. Wannan ƙorafi na ji shi a gidaje da dama, musamman inda akwai 'yan uba, kuma a ganina yana da gaskiya. Wanda aka tsallake a shawara yana da hujjar tsallake biya.

Hajiya ce ta fara gyara. Ta sa aka sayo alewa da goro sabo, ta shiga adaidaita sahu ta je Kurna da kanta, ta ce wa abokiyar zamanta ta dā, "Yaya, 'yarki ce za a aurar, laifina ne da ban zo da wuri ba." Ba ta yi zancen kuɗi ba ko da wasa. Sannan ta tura Yaya Babba wurin Baffa Babba, wanda shi ne waliyyin amarya, ta ce ya je da takardar lissafin, ya zauna a ƙasa, kada ya roƙi komai.

Ya je bayan la'asar, ya gaida shi, ya ce, "Baffa, na yi gaggawa. Ga abin da muka rubuta, ku duba mana, abin da kuka ga bai kamata ba a cire." Baffa ya sa tabarau ya bi layi-layi. Da ya zo kan dina ya tambaya ko ango ne ya nema. Aka ce a'a. Ya ce to marainiya ba a ciwo bashi don a yi mata rawa a otal, ya soke. Lissafi ya dawo 3,400,000. Wannan sokewar ta yi amfani fiye da kuɗin da ta rage. Da wuya ka nemi taimakon mai noma ko mai fansho alhali a takardarka akwai hayar ɗakin taro da mai kiɗa. Dangi suna duba abin da za a yi da kuɗinsu, kuma suna bambanta gado da katifa da abin burga. Kuma da yake Baffa ne ya soke, ƙawayen amarya ba su da wanda za su yi wa fushi.

Sai Baffa ya yi tambayar da ya kamata a fara yi tun farko: me ke hannu? Ashe akwai. Hajiya ta shekara da shekaru tana tara wa Auta tukwane da kuloli da farantai a ƙarƙashin gado, kamar yadda iyaye mata ke yi, da aka fito da su aka kimanta sun kai na 250,000. Tana da adashin da za ta kwasa wata biyu kafin biki, 300,000. Sai sadaki. A nan Baffa ya tsaya, ya ce sadaki haƙƙin yarinya ne, ba na gida ba, ba za a sa shi a lissafi ba sai an tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban taro ba. Anti ta tambaye ta, ta ce a ɗauki 150,000 a yi gyaran jiki da ɗinki, sauran a bar mata. Abin da ke hannu ya zama 700,000, giɓin da ake nema ya dawo 2,700,000. Bambancin "muna neman miliyan huɗu" da "mun haɗa kaza, saura kaza" babba ne a kunnen wanda ake nema a wurinsa. Na biyun yana nuna masu abin sun fara taɓa aljihunsu.

Daga nan aka raba maganar gida biyu. 'Yan'uwa shida suka yi tasu su kaɗai, ba tare da manya ba. Yaya Babba ya kira Yayan Abuja a waya kafin zaman, ba saƙo ba, ya ba shi haƙuri kan sa rana, ya ce, "Ba na so mu yanke komai ba ka nan. Wace rana ta yi maka?" Aka sa ranar da ya zaɓa, ya zo Kano a ƙarshen mako.

A zaman ba a ce kowa ya kawo nawa ba. An ajiye jerin kayan ne da farashinsu, aka ce kowa ya ɗauki abin da zai iya. Kuma Yaya Babba ne ya fara, ya ce zai ci bashin ƙungiyar adashin ma'aikata ta wurin aikinsu ya ba da 400,000 a kan gado da durowa. Wannan tsari na wanda ya kira taro ya fara faɗin nasa yana da muhimmanci, domin kowa a wurin ya san albashin malamin makaranta, kowa kuma ya auna nasa da wannan ba tare da an ce masa komai ba. Yayan Abuja ya dubi takardar ya ce kujeru nasa ne, 550,000. Ka ga ya wuce abin da aka yanka masa da farko da 200,000, kuma ransa fes, domin duk wanda ya shiga falon amarya za a ce masa kujerun Yayanta ne ya yi. Kuɗin da aka zuba a asusu ɓacewa yake a cikin na kowa, kaya kuwa yana da suna.

Na Kwari ya ɗauki labule da kafet da zannuwan gado. A lissafi 230,000 ne, amma da yake a farashin sari zai ɗauko a cikin kasuwa, kuma maigidansa zai ɗaga masa ƙafa, bai kashe fiye da 180,000 ba. An rubuta masa 230,000, kuma haka ya dace, tunda abin da ya sauke wa gida ke nan. Anti ta ɗauki ragowar kayan kicin, 200,000, daga ribar sana'arta, ta kuma ce kada wanda ya tunkari mijinta. Tana da gaskiya. Suruki ba a yanka masa, in ya kawo an gode, in an nema kuwa 'yarku kuka jawo wa gori. Ta Kaduna ta ce 150,000. Ɗan hidimar ƙasa ya ce 40,000, kuma shi zai yi zirga-zirgar wurin kafinta da kasuwar Sabon Gari da raba katin gayyata. Na Kwari ya so ya yi masa tsiya, Yayan Abuja ya ce 40,000 ɗin nan ta fi alawus ɗinsa na wata guda, a cikinmu wa ya ba da fiye da abin da yake samu a wata? Yaya Babba kaɗai ne. Maganar ta mutu a nan.

'Yan'uwa sun ɗauke 1,570,000, saura 1,130,000. Sai a lokacin aka je wa manya, kuma ɗaya bayan ɗaya, a gidajensu. Baffa Babba ya ce zumunta a ƙafa take, ya hana a yi ta waya sai ga Kawun Kura, shi ma daga baya sai da aka je. An kuma duba wa zai je wurin wa. Dangin uba, Baffa Babba ne ya yi musu magana, Yaya Babba na biye da shi. Dangin uwa kuwa Hajiya ce da Anti, domin ba tsari ba ne baffa ya je neman abu wurin kawu; tsakanin dangin uba da na uwa akwai 'yar gasa da ba a faɗa, kowa na lura da abin da ɗaya ɓangaren ya yi.

Kalaman da aka yi amfani da su kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ga yadda Anti ta faɗa wa Kawun Kura: "Kawu, mun zo mu sanar da ku inda aka kwana a hidimar 'yarku. Yara sun haɗa gado da kujeru da kicin. Abin da ya rage gara ce da abincin yini da firij. Mun ce kada ku ji a bakin wani. Ku sa mana albarka." Babu "nawa za ku bayar", babu wa'adi. Amma kuma ba a bar maganar a dunƙule ba, an faɗi ainihin abin da ya rage. Masu jin kunya sukan tsaya a "ku taya mu da addu'a", sai a taya su da addu'ar, su dawo suna cewa dangi ba su da kirki. Kawu manomin shinkafa ne, ya ji an ambaci gara da abinci, ya ce buhu uku na kansa, ɗaya a sa a gara, biyu a dafa. A kasuwa a lokacin sun kai kimanin 270,000. Da kuɗi aka nema a wurinsa, da wuya ya iya fitar da rabin haka, domin manomi yana da kaya ne, tsabar kuɗi kuwa sai ya sayar.

Haka aka yi da Baffa Ƙarami mai shago a kasuwar Singa, ya ɗauki taliya da man gyaɗa da sukari da fulawa na gara, kimanin 250,000. Baffa Babba ya ba da 50,000 daga fanshonsa, Inna ta kawo 80,000.

Gwaggo ce aka fi jin tsoro, ita da ta fice daga guruf. Lamarinta yana da tarihi. Hajiya tana da wani tsohon littafi da take sa a rubuta mata duk abin da aka kawo mata a biki da duk abin da ta kai. Mata sun san wannan, biki bashi ne, abin da aka kawo miki za ki mayar in na mai shi ya tashi, har ki ɗora wani abu a kai. A dā ma ninkawa ake yi. A littafin akwai cewa lokacin auren 'yar Gwaggo, shekaru kafin tsadar nan, Hajiya ta kai saitin tukwane da 20,000. Anti ta so a tuna wa Gwaggo. Hajiya ta hana, ta ce wadda ake bi ta fi mai bi sanin abin da ake bin ta. Kuma akwai wata matsala da tsadar rayuwa ta kawo wa wannan al'ada. In Gwaggo ta mayar da 20,000 ko ma ta ninka ta zama 40,000, a lissafin littafi ta fita, amma kuɗin ba zai sayi abin da na Hajiya ya saya a wancan lokacin ba. In kuma aka ce ta mayar da kwatankwacin darajarsa, an ɗora wa tsohuwa abin da ba ta da shi. Rigingimun mata da yawa a bukukuwan yanzu daga nan suke tasowa, kowacce tana ganin ita aka cuta.

Abin da Hajiya ta yi shi ne ta nemi abin da Gwaggo ta fi kowa iyawa. Ta ce, "Gwaggon yara, alkakin Auta da nakiyarta ba na so a sayo na kasuwa. Hannunki nake so." Gwaggo ta yi ɗan faɗanta na guruf, ta huce, sannan ta ce a kawo mata alkama kawai, sauran kayan haɗin nata ne. Ta tara jikokinta suka yi kwana da kwanaki suna tuyar alkaki da dubulan da cincin, ga dakan nakiya. Abin da ta kashe bai wuce 60,000 ba, amma da 'yan sana'a aka ba wa aikin, kuɗin ya ninka haka. Ranar kai gara ita ce a gaba, tana buɗe robobi tana nuna wa dangin ango.

Inda aka samu tangarɗa shi ne wurin Kawu Ƙarami, direban adaidaita sahu. An yi rashin sa'a ranar da Hajiya ta je gidansa ta tarar da Kawun Kura ya zo, aka yi maganar a gaban juna. Da yayansa ya maimaita zancen buhu uku, sai shi ma ya ce, "Firij nawa ne." Aka yi ta godiya, aka rubuta. Da wannan alkawari giɓin ya dawo 100,000 kacal, kowa ya saki jiki.

Alamun cewa firij ɗin ba zai zo ba suna nan tun ranar. Bai tambayi kuɗinsa ba, bai tambayi wane iri ko wane girma ba, bai ce ga lokacin da zai kawo ba. Kwatanta da Yayan Abuja, wanda kafin ya bar Kano sai da ya je wurin kafinta ya zaɓi yadi ya ba da kafin alƙalami, ko Kawun Kura da ya tambayi ranar da za a turo mota. Mai niyyar bayarwa yana tambayar bayani. Wanda kunya ta sa ya yi magana kuwa ba ya son a sake tayar da zancen, kuma Kawu Ƙarami ya fara ƙin ɗaukar wayar Anti tun saura wata guda. Mutumin da ke biyan balas kullum ga mai mashin, daga ina zai fitar da 320,000? Ba ƙarya ya yi niyya ba, an tambaye shi ne a gaban wanda ya fi shi. Malamai suna kawo hadisin da ke cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma suna sa abin da aka karɓa ta hanyar kunyatarwa a wannan babi. Ko da firij ɗin ya zo ta hanyar bashin da zai shekara yana biya, ban ga abin murna a ciki ba.

Saura sati uku Hajiya ta gane. Ba ta aika a tambaye shi ba. Ta je da kanta ta ce masa an fasa sayen firij yanzu, wutar unguwar da za a kai amarya ba ta da tabbas, sai ta zauna an gani. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai tsaya kan kwashe kaya ranar jere. Ya karɓa da sauri. Ranar jere tun da safe ya zo da mashin ɗinsa da na abokinsa, suka yi ta sawu da kayan kicin da mata masu jere har dare, bai karɓi ko kuɗin mai ba, ya kuma damƙa wa Hajiya 30,000 a ɓoye.

Tangarɗa ta biyu ta kafinta ce. Sati ukun da aka ɓata ana shiru, da jiran fitowar bashin Yaya Babba, sun sa ba a ba da kafin alƙalamin gado da durowa da wuri ba, kafinta ya ƙara 120,000. Wannan darasi ne na lissafi zalla: a irin wannan lokaci kuɗin da ya fara shigowa kan kayan katako ya kamata ya tafi, domin su ne suka fi tsada, suka fi saurin tashi, kuma suke cin lokaci kafin a gama. Abinci da rumfa za su iya jira har satin biki. Da aka cire firij, giɓin ya tsaya a 220,000. Gudunmawar mata, ta ƙawayen Hajiya da makwabta da 'yan islamiyyarsu, wadda ta riƙa shigowa daga satin biki zuwa ranar yini, ta kai 380,000, ta rufe shi har da saura. Da gangan ba a sa ta a lissafi tun farko ba. Ba a san nawa za ta zo ba, kuma kowace naira a cikinta an rubuta ta a littafin Hajiya, za ta mayar da ita ɗaya bayan ɗaya a bukukuwan masu ita.

Bayan biki an yi 'yar jayayya kan yadda za a ba da bayani. Na Kwari ya so a jera sunaye da adadi a guruf, kowa ya ga abin da kowa ya yi. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, yana ganin Baffa Ƙarami, mai shago guda a Singa, ya yi kaɗan, yana so a gani. Baffa Babba ya ƙi. Abin da aka yi shi ne, a guruf aka rubuta jimillar abin da ya shigo da abin da aka kashe, aka jera sunayen duk wanda ya taimaka bisa tsarin girma, ba adadi, sunan Kawu Ƙarami da na ɗan hidimar ƙasa suna ciki kamar na kowa. Cikakken lissafin da rasitai kuma yana wurin Anti, duk ɗan ɗaki ko ɗan uba da ke son gani ya je ya gani. Yayan Abuja ya nema, aka ɗauki hotonsa aka tura masa shi kaɗai. Sannan Yaya Babba da Anti suka zaga gida-gida ban gajiya, da ɗan kason alkaki a leda.

Ina ganin Baffa ya yi daidai, amma ƙorafin na Kwari bai tashi a banza ba. Tsarin barin kowa ya zaɓa yana da wannan rauni: mai hali da ya ga dama ya yi kaɗan, zai yi, kuma ba mai ce masa komai. In aka auna da samu, Yaya Babba ya fi kowa jin jiki, ana cire masa bashin daga albashi wata da watanni bayan an watse, Baffa Ƙarami kuwa ko a jikinsa. Gidan ya zaɓi ya haƙura da wannan rashin daidaiton a kan ya tsaya tilasta wa baffa, kuma ko sun so tilastawar ba su da sandar da za su yi ta da ita.

Don kada a sake shiga irin wannan, 'yan'uwa shida suka buɗe asusun gida, kowa 5,000 a wata, Yayan Abuja ya ce shi 20,000, Anti ce ma'aji, kuma an yarda ba a taɓa shi sai don aure ko suna ko rashin lafiya. Manya ba a sa su ciki ba. Ya zuwa wata na huɗu mutum huɗu ne ke biya a kan lokaci, na Kwari yana haɗa na wata biyu-biyu, ta Kaduna kuma sai an tuna mata. Hidima ta farko da ta taso suna ne, matar na Kwari ta haihu, kuma suna ba ya ba da wata biyar na shiri, kwana bakwai ne. Aka ce rago na uban jariri ne, asusu ba ya sayen rago, amma aka fitar da 60,000 aka ba mai jego don abincin 'yan suna. Firij ɗin Auta kuwa mijinta ne ya saya daga baya, ɗan ƙarami, na hannu.